Yadda Mai Injin Casar Shinkafa da Hayar Tarakta Zai Lissafa Harajin VAT na Wata

Buhun shinkafar da ya fito daga injin casa a Argungu ba a ƙara wa mai saye ko kwabo a kansa da sunan harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da ayyuka. Manomin da ya ɗauki hayar tarakta ta yi masa kaftu a fadamar Augie shi ma harajin ba ya zama a kansa. A wurin mai biya duk ɗaya ne. A littafin mai kamfani kuwa hannun riga suke: shinkafa tana cikin kayan da harajinsu yake sifili, hayar tarakta tana cikin waɗanda doka ta keɓe. Na farkon yana ba ka damar karɓo harajin da ka biya a kan buhu, wuta da kayan gyara. Na biyun ba ya ba ka. Idan kamfani ɗaya ne yake yin duka biyun, sannan yana cashe wa 'yan kasuwa shinkafarsu a kan lada, to kowane wata sai ya zauna ya raba harajin da ya biya, ya san wanda zai dawo masa da wanda ya tafi ke nan.

Tun ranar 1 ga Janairun 1994 ake karɓar wannan haraji a Najeriya, da farko kashi 5 cikin 100, sannan ya koma kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020. Har yanzu a nan yake. Abin da ya sauya shi ne dokar haraji ta 2025, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta kuma fara aiki 1 ga Janairun 2026. Kafin ita, kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa keɓaɓɓu ne, don haka mai injin ba ya karɓo komai a kan buhunan da ya zuba su. Ko a kan cinikin da ake ɗora wa haraji ma, kayan da aka saya don sayarwa ko don sarrafawa kai tsaye kawai ake cire harajinsu. Ladan akanta, kuɗin wuta, mota da injin ba sa ciki. Yanzu shinkafa ta koma sifili, kuma an buɗe ƙofa ga harajin ayyuka da na kadarori. Duk wanda yake lissafi da tsohon tsari yana barin kuɗinsa a hannun hukuma. Hukumar kuma ta tarayya ce, wadda aka sani da FIRS, yanzu NRS. Ba hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar Kebbi ake kai wa wannan ba.

Zan riƙa cewa harajin sayarwa ga wanda ka karɓa daga abokin ciniki, harajin saye kuma ga wanda kai ka biya lokacin da ka sayi kaya ko aka yi maka aiki.

Fara duba ko lissafin ya hau kanka

Ƙaramar sana'a, wato wadda cinikinta na shekara bai wuce naira miliyan 100 ba kuma kadarorinta ba su kai na miliyan 250 ba, ba dole ba ne ta karɓi wannan haraji ko ta cike takardar wata. Amma wanda bai shiga tsarin ba ba ya karɓo harajin saye. Doka ta yarda ƙaramar sana'a ta rubuta wa hukuma cewa tana son shiga da kanta, kuma ga mai injin da kusan duk cinikinsa shinkafa ce, hakan na iya zama riba, muddin zai iya jure riƙe littafi da cike takarda kowane wata. Misalin da zan bi na kamfanin da ya wuce wannan iyaka ne nesa ba kusa ba. Alƙaluman na misali ne, ka sa naka a gurbinsu.

Raba cinikin wata gida uku

Mu ɗauki watan Yuni, lokacin da taraktoci ba sa hutawa. Kamfanin ya sayar da buhu 1,280 na gyararriyar shinkafa a kan naira 50,000, wato naira miliyan 64. Wannan sifili ne. Ya cashe wa 'yan kasuwa buhu 3,200 na shanshera a kan ladan naira 2,500 kowane buhu, wato naira miliyan 8. Wannan cikakken haraji ne, kashi 7.5. Taraktocinsa sun yi aikin hekta 360 a kan naira 50,000, wato naira miliyan 18. Wannan keɓaɓɓe ne. Jimla naira miliyan 90.

Ladan casa shi ne inda ake yawan gardama. Ɗan kasuwa zai tsaya a bakin sikeli ya ce, "Haba Alhaji, shinkafa fa ce, yaushe aka fara sa wa abinci haraji?" Amsar ita ce ba shinkafa aka sayar masa ba. Shinkafarsa ce ya zo da ita, ya kuma tafi da abarsa. Abin da ya saya aikin injin ne, kuma aikin da doka ba ta lissafa cikin keɓaɓɓu ko masu sifili ba yana ɗaukar cikakken haraji. Da kamfanin ne ya sayi shansherar ya cashe ya sayar masa da gyararriya, da ciniki ya zama sifili. Don haka rasit ya faɗi a fili wane iri ne aka yi.

Harajin sayarwa na watan shi ne kashi 7.5 na miliyan 8, wato naira 600,000. A kan kowane buhu, ɗan kasuwa zai biya naira 2,687.50 maimakon 2,500. Manajan da ya ji kunyar ƙarawa ya karɓi 2,500 cif bai tsira ba, domin za a ɗauka harajin yana cikin abin da ya karɓa. A nan sai a ciro shi ta ninka kuɗin da 7.5 a raba da 107.5, kuma daga miliyan 8 zai ba da kusan naira 558,140 daga aljihun kamfani. Kada ka ɗauki kashi 7.5 kai tsaye daga kuɗin da haraji ya riga ya shiga cikinsa, za ka biya fiye da abin da ke kanka.

Shawarata ita ce a yi littafin rasit uku masu launi daban, ko lambobi masu farawa da harafi daban, ɗaya na shinkafa, ɗaya na casa, ɗaya na tarakta. Akawun da yake rubuta duka a littafi guda yana jawo wa akanta kwana biyu na tsince-tsince a ƙarshen wata.

Tace rasitan saye kafin ka taɓa kalkuleta

Ba kowane kashe kuɗi ne yake ɗauke da harajin saye ba. Shansherar da aka sayo daga manoman Suru ko Bunza, ko ta miliyan nawa ce, babu haraji a kanta, don haka babu abin karɓowa. Albashin ma'aikata da ladan 'yan dako haka. Bakaniken bakin hanya da ba ya cikin tsarin bai karɓi haraji daga hannunka ba, ba za ka ƙirƙiro shi ba. Man dizal ma, tun umarnin gwamnati na 2024 da ya ɗage masa harajin, rasitinsa ba ya ɗauke da shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ba a rubuta a rasit an kuma caje ka ba, ba ya shiga.

Rasitin da zai tsaya a gaban mai binciken hukumar haraji shi ne mai ɗauke da sunan mai sayarwa da lambarsa ta haraji, lambar rasit da kwanan wata, sunan kamfaninka, kuɗin kaya, sannan harajin a layinsa daban. A lura da sunan kamfani. A nan yankin an saba Alhaji ya sayi kayan injin a Kano a rubuta rasit da sunansa, ko bil ɗin wuta ya ci gaba da zuwa da sunan wanda aka sayi filin a hannunsa shekaru da suka wuce. Mai bincike na iya ture irin wannan gefe guda, kuma da wuya ka yi masa musu. Gyara sunan mita a ofishin kamfanin rarraba wuta aikin yini ɗaya ko biyu ne, amma harajin da ke cikin bil ɗin injin casa ba ƙaramin kuɗi ba ne a shekara.

Wani abu kuma: dillalin da ya isa ya karɓi haraji amma ya ce maka "in ba ka son rasit zan rage maka" ba gata ya yi maka ba. Harajin da za ka biya shi dawo maka zai yi idan kayan na injin ne, sannan sabuwar dokar ta hana a cire kuɗin da aka kashe daga riba, wajen lissafin harajin kamfani, idan ya kamata a caji VAT a kansa ba a caja ba.

Kasa rasitan kashi uku

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. Ka ɗauki kowane rasit ka tambayi kanka: wannan abu, wane ciniki ya yi wa aiki?

Kashi na farko shi ne na abubuwan da suka yi wa ciniki mai haraji aiki kaɗai. A idon doka, sifili ma ciniki ne mai haraji, sai dai adadinsa ne ba komai. Saboda haka shinkafa da casa gida ɗaya suke a nan. A watan Yuni kamfanin ya sayi buhunan zuba shinkafa da zaren ɗinki na naira 2,400,000, harajinsu 180,000. Ya sayi robar ɓare ɓuntu, rariya da bel na naira 1,600,000, harajinsu 120,000. Wutar injin ta ci naira 2,400,000, harajinta 180,000. Jimlar harajin wannan kashi naira 480,000, kuma duka za a karɓo. Ba ka bukatar wahalar da kanka wajen gano nawa ne na robar ya ƙare a shinkafar kamfani, nawa a ta 'yan kasuwa, tunda duk inda ta faɗa cikin biyun hakkinka ne.

Kashi na biyu na abubuwan da suka yi wa tarakta aiki ne kaɗai. Tayoyi, baƙin mai, da kuɗin kamfanin da ya zo ya yi musu sabis, duka naira 2,800,000, harajinsu 210,000. Ko sisi ba za a karɓo ba. Wannan kuɗi ya shiga cikin tsadar aikin tarakta, kuma mai sa farashin hekta ya kamata ya san da shi, domin ta nan kaɗai zai dawo.

Kashi na uku shi ne na gamayya, abubuwan da ba za ka iya cewa na ɓangare ɗaya ba ne. Ladan akanta naira 400,000, harajinsa 30,000. Kamfanin masu gadi da ke tsaron harabar da injin da taraktoci suke kwana, naira 600,000, harajinsa 45,000. Cajin banki da kuɗin waya da data naira 200,000, harajinsu 15,000. Waɗannan sun haɗa naira 90,000. A watan kuma an sayi a-kori-kura ta naira miliyan 16, harajinta naira 1,200,000, wadda take kai buhuna kasuwa, take kuma bin taraktoci da mai da kayan gyara.

Burinka shi ne kashi na uku ya zama ƙarami iya yadda gaskiya ta yarda. Misali, idan mita ɗaya ce take ba injin, ofis da garejin tarakta wuta, bil ɗin gaba ɗaya ya zama na gamayya, sai ka yi asarar wani yanki na harajinsa alhali injin ne ya sha kusan duka. Ƙaramar mita a kan layin injin, da littafin da ake rubuta karatunta farkon wata da ƙarshensa, ta isa ta mayar da mafi yawan bil ɗin kashi na farko. Haka baƙin mai: idan durom ɗaya ake ɗiba ana zuba wa janareton injin da taraktoci, mai sito ya riƙa rubuta lita nawa ta tafi ina. Ba tare da wannan rubutu ba, durom ɗin na gamayya ne.

Fitar da rabon gamayya

Abin da doka ta ce shi ne, idan an biya harajin saye a kan abin da ya yi wa ciniki mai haraji da marar haraji aiki tare, yankin da ya shafi mai harajin kaɗai za a cire. Hanyar da aka fi bi wajen auna wannan yanki ita ce ta gwada ciniki da ciniki:

```
rabo = (sifili + cikakke) / (sifili + cikakke + keɓaɓɓe)
rabo = (64 + 8) / (64 + 8 + 18) = 72 / 90 = 0.80
```

Alƙaluman da za a sa su zama ba tare da haraji ba, wato miliyan 8 na casa, ba miliyan 8.6 ba. Kuɗin da ba ciniki ba, kamar bashin banki ko jarin da Alhaji ya ƙara, ba sa shiga. Ni ina kuma ware kuɗin tsohuwar kadara da aka sayar, domin sayar da tsohon janareto sau ɗaya ba ya nuna yadda ake amfani da ofis.

Daga naira 90,000 na hidimomin gamayya za a karɓo kashi 80, wato 72,000, a bar 18,000. Daga naira 1,200,000 na mota za a karɓo 960,000, a bar 240,000.

Yanzu a haɗa. Kashi na farko 480,000, gamayya 72,000, mota 960,000, jimla naira 1,512,000. Harajin sayarwa 600,000 ne. Ke nan a wannan wata kamfanin ba zai biya komai ba, shi ne ma yake bin hukuma naira 912,000. Da ba a sayi motar ba, abin cirewa 552,000 ne, sai kamfanin ya biya naira 48,000.

Kafin ka rufe, yi gwajin da ke kama kuskure. Duk harajin sayen watan shi ne 480,000 da 210,000 da 90,000 da 1,200,000, wato 1,980,000. Wanda ba a karɓo ba shi ne 210,000 da 18,000 da 240,000, wato 468,000. Idan ka cire wannan daga wancan dole ka samu 1,512,000. In bai zo daidai ba, akwai rasitin da ya shiga kashi biyu ko ya ɓace a tsakani. Naira 228,000 na tayoyi da hidimomi su tafi cikin kuɗin gudanarwa, 240,000 kuma a ɗora a kan kuɗin motar a littafin kadarori, ta zama ta naira 16,240,000.

Mai amfani da Excel zai iya sa harafin kashi a layin D, H na mai haraji, K na keɓaɓɓe, G na gamayya, harajin kuma a layin E, rabon a gidan H1:

```
=SUMIF(D:D,"H",E:E)+SUMIF(D:D,"G",E:E)*H1
```

Gajeriyar hanyar da ke ɓatar da mutane

Akawu da yawa, da zarar sun ji kashi 80, sai su ninka shi da duk harajin sayen watan su huta. A misalinmu hakan zai ba da kashi 80 na 1,980,000, wato 1,584,000. Ya zarce gaskiya da naira 72,000, domin an karɓo wani yanki na harajin tayoyin tarakta da ba a da hakki a kansa, kuma wannan ya fi abin da aka rasa a kan buhu da wuta. Mai bincike da ya ga taya mai girman mutum a cikin jerin abin da aka nema ba sai an yi masa bayani ba. A watan da ba a taɓa taraktoci da gyara ba kuwa, wannan hanya kai take cuta: za ka bar kashi 20 na 480,000, wato naira 96,000, da naka ne halak malak. Rabo na gamayya ne kawai.

Ɗaya kuskuren na waɗanda suka saba da tsohuwar doka ne, su sa shinkafa cikin keɓaɓɓu. Rabonsu sai ya faɗo zuwa 8 cikin 90, ƙasa da kashi 9. Daga 1,290,000 na gamayya da mota za su nemi kusan naira 114,667 maimakon 1,032,000, su kuma bar harajin buhuna gaba ɗaya. Alamar wannan ciwo ita ce ka ga kamfanin da yawancin cinikinsa shinkafa ce amma kowane wata yana biyan kusan duk abin da ya karɓa na casa. A shafin hukumar ana bambanta `Zero-rated` da `Exempt`, kuma shinkafa a na farkon take.

Matsalar damina da rani

Kashi 80 na watan Yuni ne. A Fabrairu, lokacin da shinkafar rani take tsaye a gona ba a bukatar garma, hayar tarakta na iya zama miliyan 2 cikin cinikin miliyan 100, rabo ya haura zuwa kashi 98. Ga ladan akanta da cajin banki wannan hawa da sauka ba damuwa ba ce, domin kowane wata ana biyansu, shekara na zagayowa abin ya daidaita kansa. Mota kuwa sau ɗaya aka saye ta, za ta kuma yi shekaru tana aiki. Idan aka bi rabon wata, wanda ya saya a Fabrairu zai karɓi 1,176,000, wanda ya saya a Yuni ya karɓi 960,000, alhali aikin motar ɗaya ne. Wannan ba ya nuna ainihin amfani, kuma amfani shi ne ma'aunin da doka ta kafa.

A ganina, ga kadara mai daɗewa, rabon shekara ya fi kusa da gaskiya. Idan cinikin shekarar da ta gabata miliyan 900 ne, tarakta ta kawo miliyan 72 a ciki, rabon kashi 92 ne, harajin motar da za a karɓo ya zama 1,104,000. Bambancinsa da na Yuni naira 144,000.

Sai dai shi ma ciniki yana iya yin ƙarya. Buhun shinkafa kuɗinsa da yawa, ribarsa kaɗan, saboda haka yana kumbura rabo. Idan a zahiri manyan motocin masu saye ne suke zuwa ɗaukar shinkafa a bakin injin, ita kuma a-kori-kura kullum tana hanyar fadama ɗauke da jarkokin mai, to kashi 92 ba gaskiya ba ne, ko da lissafin ya fita tsaf. A nan littafin direba ya fi: kwanan wata, inda aka je, dalilin tafiya, da karatun kilomita. Idan ya nuna kilomita 60 cikin kowace 100 na tarakta ne, kashi 40 za ka nema, wato naira 480,000. Ya fi ciwo a yau, amma shi ne zai tsaya ranar bincike. Ga gini kuma, faɗin wurin da kowane ɓangare ya mamaye shi ne ma'aunin da ya dace.

Duk wadda ka zaɓa, ka rubuta ta a takarda ɗaya da dalilinta, manaja ya sa hannu, a ajiye a fayil. Idan kuɗin da yawa, kamar sabon gini ko babban janareto da zai ba kowa wuta, ka aika wa ofishin harajin da ke riƙe da fayil ɗinka wasiƙa kana bayyana hanyar kafin ka nema. Abin da ba ya karɓuwa shi ne tsalle-tsalle: rabon wata idan ya yi daɗi, na shekara idan shi ya fi, littafin direba idan an ga dama.

Cike takarda da neman rarar

Takardar watan Yuni tana shiga a shafin hukumar kafin ƙarshen ranar 21 ga Yuli, haka kowane wata. Ana cikewa ko da babu abin biya, ko da ma injin bai tashi ba. Rashin cikewa yana jawo tarar naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane watan da ya biyo baya, kuma kamfanonin da suke bin hukuma kuɗi su ne suka fi faɗawa wannan rami, don suna ganin ai ba a bin su komai. Ka shigar da cinikin duka uku, har da na tarakta. Ɓoye keɓaɓɓen ciniki yana mayar da rabonka kashi 100 a takarda, amma kuɗin hayar suna nan a bayanan banki.

Rarar naira 912,000 tana da hanya biyu. Za ka iya barin ta ta riƙa cinye harajin watannin gaba. Amma duba lissafin: kamfanin da a wata na yau da kullum yake biyan kusan 48,000 zai yi wata goma sha tara kafin ya cinye ta. Nan ne wa'adi yake da muhimmanci. Doka ta ba da shekara biyar a cire harajin saye daga harajin sayarwa, amma neman a mayar maka da kuɗi a hannu dole ya shiga cikin wata 12 daga cinikin da ya haifar da rarar, in ba haka ba damar ta wuce. Idan buƙatar ta cika sharuɗɗa, hukuma tana da kwana 30 ta biya, ko a yi amfani da kuɗin a rage wani harajin da ke kanka. Ga kamfani irin wannan, wanda harajin sayarwarsa kaɗan ne, neman kuɗin da wuri ya fi jira.

Neman mayarwa yana jawo a duba littattafanka, don haka ka haɗa fayil tun kafin ka tura: rasitan saye a jere bisa kashi uku, shaidar biya ta banki ga kowane babba, takardar lissafin rabo, karatun ƙaramar mita, littafin direba, da takardun motar da sunan kamfani. Kada ka cusa rasitin aiki ko na kadara da aka saya kafin 1 ga Janairun 2026, domin sabon sassaucin bai koma baya ba. Injin da aka kafa a 2024 harajinsa ya riga ya shige cikin kuɗinsa. Fayil ɗin kowane wata kuma a adana shi aƙalla shekara shida, wuri mai nisa da ƙurar ɓuntu da ɗigar damina.